Lambobi masu zafi da masu sanyi: abin da jadawalin caca yake nunawa, da abin da ba zai iya faɗa ba

Kusan duk inda ake wallafa sakamakon cacar lambobi za ka tarar da wani jadawali a gefe. An jera lambobin da suka fi fitowa a 'yan kwanakin nan, an shafa musu ja, an ce su ne masu zafi. A ƙasansu kuma ga waɗanda suka daɗe ba a gan su ba, da launin shuɗi, su ne masu sanyi. Alƙaluman da ke cikin jadawalin yawanci gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire su, an ƙirga ne daga sakamakon da ya wuce. Matsalar tana cikin abin da mai kallo yake ɗauka suna gaya masa game da gobe.

Tun daga tashin farko akwai abin da ya kamata ya tsayar da mutum. Masu bin jadawalin sun kasu gida biyu. Wasu suna bin masu zafi, a cewarsu lambar da take tashe za ta ci gaba da tashe. Wasu kuma suna bin masu sanyi, hujjarsu ita ce lambar da ta daɗe a ɓoye lokacinta ya yi. Jadawali ɗaya ne a gabansu, amma kowa ya fito da shawarar da ta saɓa wa ta ɗan'uwansa. Duk lambar da ta fito kuma, ɗaya daga cikinsu zai ce ai na faɗa. Abin da zai goyi bayan magana da kishiyarta a lokaci guda bai ba ka labarin komai ba.

Bari mu ɗauki wasa guda mu bi shi dalla-dalla, wanda ake zuba ƙwallaye 49 a cikin na'ura a fitar da shida. Irinsa ne aka yi ta bugawa a Birtaniya daga 1994 zuwa 2015, kuma har yanzu ana buga shi a Kanada da Jamus. A kowane zagaye, damar da kowace lamba take da ita ta fitowa ita ce shida cikin 49, wato kashi 12 da ɗan ɗoriya cikin ɗari, ko kuma kusan sau ɗaya a zagaye takwas. Idan aka yi zagaye 100, an fitar da ƙwallaye 600 ke nan. Raba 600 gida 49, kowace lamba za ta samu 12, sauran 12 su yi ragowa. Ka ga ko da hannu aka tsara rabon, ba yadda za a yi kowa ya samu daidai da na kowa. To balle na'urar da ba ta san rabo ba.

Abin da lissafi ya nuna shi ne, a zagaye 100 na wasa mai tsabta, yawancin lambobi za su faɗa tsakanin sau 9 da sau 15 ko 16. Amma lambobin 49 ne, kuma idan abu ya yi yawa haka dole a samu na can gefe. Abin da aka saba gani shi ne wadda ta fi kowa ta kai wajen sau 20, wadda ta fi kowa ƙaranci kuma ta tsaya a 5 ko 6. Wato ɗaya ta ninka ɗaya sau uku, har ma ta wuce. Wanda ya ga wannan a jadawali zai rantse akwai wani sirri a tattare da lambar da ta fito sau 20, alhali wannan tazarar ita ce ainihin abin da ake sa ran gani idan babu sirrin komai. Da za a kawo mini jadawalin zagaye 100 wanda kowace lamba a cikinsa ta fito sau 12 ko 13, wannan shi ne zan zarga, domin hannun mutum ne kaɗai yake daidaita abu haka.

Haka zancen yake ga masu sanyi. Damar lamba ta ƙi fitowa a zagaye ɗaya ita ce 43 cikin 49. Idan kana son sanin damar ta ƙi fitowa sau 20 a jere, sai ka ninka wannan da kansa sau 20, abin da zai ba ka kashi 7 da ɗoriya cikin ɗari. Ga lamba ɗaya wannan kaɗan ne. Amma kashi 7 na lambobi 49 ya kai uku ko huɗu. Ma'ana duk ranar da ka buɗe jadawalin, abin da aka fi tsammani shi ne ka tarar da lambobi uku ko huɗu da suka yi zagaye 20 ba su leƙo ba. Idan aka kai zagaye 30, damar ta sauko zuwa kashi 2, wato kusan lamba ɗaya cikin 49. Don haka layin masu sanyi ba ya taɓa zama fayau. Yau wannan ce a kai, bayan wata biyu wata ce, amma kujerar ba ta rasa mai zama.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne, zafi da sanyin sun dogara ne da inda mai jadawalin ya ga damar yanke tarihi. Lambar da ta fito sau 6 a zagaye 20 na ƙarshe ja ce wur. Ka faɗaɗa zuwa zagaye 200, tana iya komawa tsakiya ko ma ƙasa. Shafi biyu za su iya kallon wasa ɗaya a rana ɗaya, wannan ya ce lamba kaza mai zafi ce, wancan ya saka ta a masu sanyi, kuma ba wanda ya yi kuskuren ƙirga a cikinsu. Ƙwallon yana nan yadda yake, ma'aunin ne ya canza.

Yanzu sai babbar tambaya, wadda nake ganin ita ce take riƙe mutane masu hankali a wannan tarko. Za su ce: ai an san cewa idan aka daɗe ana bugawa, lambobi suna daidaituwa, kowace ta kusanci kasonta. To idan haka ne, ba dole wadda aka bari a baya ta yi sauri ta kamo ba? Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu ne kuskure, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Mu koma ga lambar nan da ta fito sau 20 a zagaye 100 na farko. Kasonta a lokacin kashi 20 ne cikin ɗari, ya zarce 12 ɗin da ake tsammani nesa ba kusa ba. A ci gaba da bugawa har zagaye 900 a kai. Ba a rage mata komai ba, ba a ƙara mata ba, tana fitowa da damarta ta kullum, don haka ana sa ran ta samu wajen 110. Haɗa da 20 na farko, 130 ke nan a zagaye 1,000, wato kashi 13 cikin ɗari. Ga shi kason ya sauko daga 20 zuwa 13, ya matso kusa da 12 sosai. Amma duba da kyau: matsakaicin zagaye 1,000 shi ne 122, ita kuma tana da 130. Rarar takwas ɗin da ta samu tun farko tana nan, ba a ƙwace ba. Abin da ya faru shi ne an zuba ta cikin adadi mai yawa har ta daina yin tasiri, kamar cokalin gishiri da aka juye a randar ruwa: gishirin bai fita ba, ɗanɗanonsa ne ya ɓace. Lambar da ta tsaya a 5 ita ma haka, ba wanda zai biya ta bashin bakwai ɗin da ta rasa. Giɓin zai ci gaba da bin ta, sai dai ya ƙanƙance idan aka auna shi da yawan zagayen.

Hasali ma, idan ƙirga zalla ake yi, tazarar ƙaruwa take yi. A zagaye 100 tsakanin ta sama da ta ƙasa akwai wajen 14 ko 15. A zagaye 1,000 ana sa ran ta sama ta kai wajen 145, ta ƙasa kuma wajen 100, tazarar ta haura 40. Shi ya sa jadawalin da ya tattara tarihin shekaru da yawa ya fi ruɗar ido, sandunansa suna da bambancin tsawo sosai. Amma 145 da 100 sun fi kusa da juna a kan 20 da 5, in dai ninki ake magana.

Dalilin duk wannan ba wani mai zurfi ba ne. Bayan kowane zagaye ana mayar da ƙwallaye 49 ɗin gaba ɗaya, a sake juya su daga farko. Babu inda sakamakon jiya yake ajiye a jikin na'ura. Ƙwallo roba ce da aka buga wa lamba, ba ta san an yi wata uku ana jiran ta ba. Da a ce ba a mayar da waɗanda suka fita, da maganar masu sanyi ta yi daidai, domin duk zagaye ragowar suna raguwa, damar kowace tana ƙaruwa. Ina jin daga nan ne tunanin yake samo ƙarfinsa, saboda abubuwa da yawa a rayuwa haka suke tafiya: mai jiran layi, duk daɗewarsa kusantar da shi take yi. A nan kuwa babu layi. Lambar da ta yi zagaye 30 a ɓoye da wadda ta fito jiya, dukansu shida cikin 49 suke da shi a daren yau.

A Bulgariya, a watan Satumba na 2009, lambobi shida ɗin nan, 4, 15, 23, 24, 35 da 42, sun fito a zagaye biyu a jere, kwana huɗu tsakani. Hukuma ta sa aka yi bincike, ba a gano maguɗi ba. Abin mamaki ne ƙwarai, amma jerin da ya fito jiya damarsa a yau daidai take da ta kowane jeri, kuma ana buga irin waɗannan wasanni a ƙasashe da dama shekara da shekaru.

Inda wannan kuskure ya fi yin ɓarna a idon duniya shi ne Italiya, kuma labarin ya isa a ba shi wuri. A cacar ƙasar ana fitar da lambobi biyar cikin 90, kuma a lokacin ana yin haka daban-daban da sunan birane goma. Damar kowace lamba ɗaya ce cikin 18. Daga watan Mayun 2003 lamba 53 ta daina fitowa a zagayen birnin Venice. Wata ya bi wata, jaridu suka fara ƙirga mata kwanaki, mutane suka yi ta zuba kuɗi a kanta. Ba ta fito ba sai ranar 9 ga Fabrairu, 2005, bayan ta tsallake zagaye 182. Kafin nan an ruwaito cewa an zuba mata sama da yuro biliyan uku da rabi, iyalai sun shiga bashi, har an danganta mutuwar wasu mutane da asarar da suka tafka.

Idan ka ware lamba ɗaya ka tambayi damar ta ɓace zagaye 182 a jere, amsar kusan ɗaya ce cikin 33,000. Wannan adadin ne yake sa mutum ya ce abin ba zai ci gaba ba, dole ta fito. Amma akwai kuskure biyu a ciki. Na farko, ba lamba ɗaya ake sa wa ido ba, guda 900 ne, 90 a kowane birni cikin goma. Duk zagaye lambobi 50 ne suke fitowa su fara sabon jira. Idan aka yi lissafi da wannan, irin wannan doguwar ɓuya abu ne da ake sa ran ya taso sau ɗaya a kowane zagaye 650 ko makamancin haka, wato duk bayan shekara shida ko bakwai idan ana bugawa sau biyu a mako. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, ɗaya cikin 33,000 ɗin nan lissafin wanda yake tsaye a ranar farko ne yana hangen gaba. Wanda yake tsaye a zagaye na 150, waɗancan 150 ɗin sun riga sun wuce, ba sa cikin abin da yake caca a kai. Abin da ke gabansa zagaye ɗaya ne, damarsa ɗaya cikin 18.

Abin da ya karya mutane shi ne yadda suka riƙa zubawa. Wanda ya ci lamba ɗaya ana biyan sa kusan ninki 11 na abin da ya saka, alhali damarsa ɗaya ce cikin 18, don haka tun a nan an riga an zaftare masa fiye da kashi ɗaya bisa uku. Wanda kuma ya ƙudura cewa sai ta fito, dole ya riƙa ƙara kuɗin duk zagaye, domin ranar da ta fito ya maido da duk abin da ya zuba a baya. Da biyan ninki 11, wannan yana nufin jimillar abin da ya kashe tana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane zagaye. Da farko ba ya jin nauyinsa. Amma duk zagaye bakwai ko takwas kuɗin ya ninka, kuma bayan zagaye 50 ya ninka sau ɗari. Mutumin da ya shiga a zagaye na 130 yana ganin ai saura ƙiris, sai da ya jira fiye da 50. Damar lamba ta ƙi fitowa sau 50 a jere a wannan wasa kusan kashi 6 ne cikin ɗari, ko ta daɗe a ɓoye ko ba ta daɗe ba. Wannan ba ƙaramar dama ba ce ga wanda ya jingine gidansa. Da yawa kuɗinsu ya ƙare kafin ranar ta zo, kuma wannan ne ya sa ba na ɗaukar layin masu sanyi a matsayin wasa marar illa. Shi ne yake mayar da tikiti ɗaya ya zama alƙawarin da mutum yake jin ba zai iya janyewa ba.

Masu bin lambobi masu zafi suna da hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa: idan wata ƙwallo ta fi sauran nauyi ko sauƙi fa, ko na'urar tana da wata karkata, ai jadawali zai nuna. A ƙa'ida haka ne, wannan ce kaɗai hanyar da tarihi zai iya faɗin wani abu game da gobe. Kuma an taɓa yin maguɗi da nauyin ƙwallo. A jihar Pennsylvania ta Amurka, ranar 24 ga Afrilu, 1980, wasu na cikin gida sun ɗura wa ƙwallaye fenti don su yi nauyi, suka bar masu lamba 4 da 6 kaɗai, aka fitar da 666 a wasan lambobi uku. Amma dare ɗaya aka yi, ba wani jadawali da ya hango shi, kuma abin da ya tona asirin shi ne yadda aka sayi tikiti masu tarin yawa a kan 4 da 6 kafin fitarwar.

Karkata ta gaskiya mai ɗorewa kuwa, gano ta da ƙirga yana da wuya fiye da yadda ake zato. A ce wata ƙwallo tana da fifikon kashi 10 a kan sauran, wanda babban aibi ne a na'ura. A zagaye 1,000, maimakon 122 za a sa ran ta samu 135. To amma mun riga mun ga cewa sa'a zalla tana kai wata lambar 145. Ƙwallon mai aibin za ta ɓace a cikin jadawali, wasu lafiyayyu suna samanta. Zagaye 1,000 kuma, a sau biyu a mako, kusan shekara goma ne. A tsawon wannan lokaci manyan masu shirya wasan sun sauya ƙwallaye, domin suna ajiye na'ura fiye da ɗaya da jerin ƙwallaye fiye da ɗaya, ana auna nauyinsu, ana zaɓar wanda za a yi amfani da shi kafin fitarwa. Jadawalin da ke shafin intanet yana cakuɗa su duka wuri ɗaya. Idan zagaye 1,000 bai isa ba, me jadawalin zagaye 20 ko 50 zai gano?

To me ya sa masu sayar da hasashe suke yawan nuna kamar sun dace? Lissafin wannan ma a fili yake. Idan mutum ya ba ka lambobi goma ya ce su ne masu zafi, damar aƙalla ɗaya daga cikinsu ta fito a cikin shida ta kai kusan kashi 77 cikin ɗari. Sau uku cikin huɗu zai samu abin da zai zagaye da jan biro ya nuna maka. Ko wace goma ka ɗauka haka za ta yi, ko da ido a rufe ka zaɓe su. Ranar da biyu ko uku suka fito sai a ɗauki hoto a yaɗa, ranakun da ba a samu komai ba kuma ba mai tuna su. Babbar kyautar dai tana buƙatar shida cif, damarta ɗaya ce cikin 13,983,816, kuma ba jerin da ya fi wani kusa da ita.

Akwai abu ɗaya da zaɓin lamba yake taɓawa, shi ne yawan mutanen da za a raba kyauta da su idan an ci. A Birtaniya, ranar 14 ga Janairu, 1995, mutum 133 ne suka dace da lambobi shida ɗin, kyautar da ta haura fam miliyan 16 ta koma wajen fam 122,000 ga kowane. Jadawalin da dubban mutane suke kallo yana tura su kan lambobi iri ɗaya, don haka mai bin sa bai ƙara damar ci ba, sai dai ya ƙara wa kansa abokan rabo.

Wanda yake son ya tabbatar da idonsa yana iya gwadawa ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ya samo tarihin zagaye 200 na wasa ɗaya, ya rufe 100 na ƙarshe. Daga 100 na farko ya fitar da lambobi shida mafi zafi da shida mafi sanyi, ya rubuta su a takarda, sannan ya ƙara wasu shida da ya zaɓa haka kawai. Sharaɗin shi ne a rubuta kafin a duba, kuma ba a sauya jeri a tsakiyar hanya. Sai ya buɗe 100 na ƙarshe ya ƙirga sau nawa lambobin kowane rukuni suka fito. Lissafi ya ce kowane rukuni zai samu wajen 73, yana iya hawa ko sauka da bakwai ko takwas, wani lokaci fiye. Ɗaya daga cikin ukun dole zai zo kan gaba, don haka gwaji ɗaya bai isa yanke hukunci ba. A maimaita da wani yankin tarihin, ko da wani wasan mai ƙwallaye 49, a ga ko rukunin da ya yi gaba a karon farko zai riƙe matsayinsa.